Yadda Ake Mayar da Sakamakon Binciken Jin Ra'ayi Ya Zama Karosel Mai Zane da Saƙo Ɗaya a Kowane Shafi

Karosel shi ne jerin hotuna da ake wallafawa a haɗe, mai karatu yana jan allo da yatsa daga shafi zuwa shafi. Na sha mayar da sakamakon bincike zuwa irin wannan jeri, kuma abin da ya fi cin lokacina a kowane karo shi ne tantance abin da alƙaluman suka faɗa da gaske kafin a zana komai. Zan bi aikin da misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman misalin na tsara su ne domin koyarwa kawai: mu ɗauka wata ƙungiya ce da ke koyar da darussa ta intanet, ta aika wa ɗalibanta 1,000 takardar tambayoyi, sai amsoshi 252 suka dawo.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ɗanyun amsoshin, wato teburin da kowane layinsa na kwance yake ɗauke da amsar mutum ɗaya. Google Forms da KoboToolbox duk suna fitar da shi, kuma Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc za su buɗe shi. Kada ka dogara da zanen taƙaitawa da manhajar tambayoyin ke yi da kanta, domin an yi shi ne kafin a tace amsoshin. Na biyu shi ne ainihin takardar tambayoyin, saboda za ka buƙaci lafazin kowace tambaya kamar yadda aka yi ta. Na uku shi ne bayanin yadda aka yi binciken: yaushe, wa aka tambaya, mutum nawa suka amsa. Na huɗu kuma manhajar tsara shafuka, kamar Canva ko PowerPoint ko Google Slides. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin lissafin da Google Sheets ta waya, ya tsara shafukan da Canva ta waya, sai dai aikin zai ɗan ja lokaci.

Mataki na 1: Tace amsoshin

Ka kwafi teburin, ka ajiye na asali ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi aiki a kan kwafin. Ka cire amsar da aka aiko sau biyu, da wadda aka buɗe aka rufe ba a cika komai ba, da ta gwaji da masu tsara tambayoyin suka shigar da kansu. A misalinmu amsoshi 7 maimaici ne, 5 kuma fanko, saboda haka 240 suka rage. Ka rubuta abin da ka cire da dalilinsa, domin idan aka tambaye ka bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Idan akwai tambayar da mutane suka amsa da rubutun kansu, ka daidaita rubutun, domin manhajar lissafi tana ɗaukar "waya" da "wayar hannu" a matsayin amsoshi biyu mabambanta.

Mataki na 2: Lissafa kaso, ka san da wace lamba kake rabawa

A nan ne mafi yawan kurakurai ke shiga, don haka zan ɗan tsaya. Kaso cikin ɗari amsa ce ta rabawa, kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka a kowane karo ita ce: kaso na su wa?

Tambaya ta farko a misalinmu ita ce, "Mene ne ya fi hana ka kammala darasi?", kuma amsa ɗaya tak ake zaɓa. Idan amsoshin suna layin tsaye na C, daga layi na 2 zuwa na 241, ga abin da za ka rubuta:

```
=COUNTIF(C2:C241,"Rashin lokaci")/COUNTA(C2:C241)
```

Ɓangaren farko yana ƙirga waɗanda suka zaɓi wannan amsa, na biyu yana ƙirga duk akwatunan da ba fanko ba, wato waɗanda suka amsa tambayar. Sakamakon ya fito kamar haka: rashin lokaci mutum 96, kashi 40 cikin 100, matsalar intanet 60, kashi 25, tsawon darussa 48, kashi 20, rashin mai amsa tambaya 24, kashi 10, sauran dalilai 12, kashi 5. Jimla ta cika 100, kamar yadda ya dace da tambayar da ake zaɓar amsa ɗaya.

Tambaya ta biyu kuwa ta ba da damar zaɓar amsa fiye da ɗaya: "Da wace na'ura kake bin darussa?" Google Forms yana zuba duk zaɓin mutum ɗaya a akwati guda, waƙafi yana raba su, don haka sai an sa alamar tauraro gaba da baya kafin manhajar ta gano kalmar a tsakiyar rubutu:

```
=COUNTIF(D2:D241,"*Waya*")/COUNTA(D2:D241)
```

Waya ta samu 204, kashi 85. Kwamfuta 72, kashi 30. Tablet, mai faffaɗan allo, 24, kashi 10. Jimla ta kai 125, kuma wannan ba kuskure ba ne, domin wasu sun zaɓi biyu. Amma wajibi ne ka rubuta a ƙasan shafin cewa an ba da damar zaɓi fiye da ɗaya, in ba haka ba mai lura zai haɗa lambobin ya ɗauka ka yi ɓatan lissafi.

Tambaya ta uku ta shafi gamsuwa, kuma mutum 12 sun tsallake ta, 228 ne suka amsa. Waɗanda suka gamsu sosai 57 ne, waɗanda suka gamsu 91, jimlarsu 148. Idan ka raba da 228 za ka samu kashi 65, idan kuma ka raba da 240 za ka samu kashi 62. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon fara aikina: na raba duk tambayoyin da lamba ɗaya, aka wallafa, sai wani mai karatu da ya ga cikakken rahoton ya nuna cewa alƙaluman ba su dace da juna ba, dole muka sauke jerin baki ɗaya muka sake shi. Tun daga ranar nake rubuta yawan waɗanda suka amsa kusa da kowace tambaya kafin in lissafa komai.

Ka mayar da kaso cikakkiyar lamba. Rubuta 64.9 a binciken mutum 228 yana nuna daidaiton da binciken ba shi da shi. Idan cikewar ta sa jimla ta zama 99 ko 101, ka bar ta haka, ka ambata a ƙasa da gajeriyar jimla.

Mataki na 3: Auna ƙarfin abin da ka samu

Ba kowane bambanci ne ya cancanci shafi ba. Akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasta girman kuskuren da ka iya shiga idan an zaɓo masu amsa ta hanyar ƙuri'a: a raba 1 da tushen murabba'in yawansu. Mutum 100 suna ba da kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 kusan maki 5, namu 240 kuma tsakanin maki 6 da 7. Ma'anar wannan a aikace ita ce, tazarar da ke tsakanin kashi 40 na rashin lokaci da kashi 25 na matsalar intanet tana da faɗin da za ka iya gina kanu a kanta, amma tsakanin 25 da 20 ba za ka iya cewa tabbas wannan ya fi wancan ba.

Akwai kuma wani iyaka da wannan lissafi ba ya rufewa. Ɗalibai 240 da suka amsa ba ƙuri'a ce ta zaɓo su ba, su ne suka ga dama suka amsa, kuma mai yiwuwa ne waɗanda suka daina bin darussan tun da wuri ba su ko buɗe saƙon ba. Saboda haka kanunka ya ce "waɗanda suka amsa", kada ya ce "ɗalibanmu" kai tsaye. Haka kuma ka yi hattara da ƙananan rukuni. Idan masu shekara 50 zuwa sama su 14 ne kacal, 10 daga cikinsu suka ce sun gamsu, kashi 71 zai fito, alhali kowane mutum ɗaya yana ɗauke da maki 7. A irin wannan hali ka rubuta "10 cikin 14", ko ka bar shi gaba ɗaya. Ni dai ba na fitar da kaso ga rukunin da bai kai mutum 30 ba.

Mataki na 4: Rubuta kanun shafuka kafin ka zana komai

Ka ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya ga kowane shafi, jimla cikakkiya mai aikatau, wadda za a iya gaskatawa ko a ƙaryata. "Matsalolin ɗalibai" suna ne na batu, bai gaya wa kowa komai ba. "Rashin lokaci ne ya fi hana mutum 4 cikin 10 kammala darasi" saƙo ne, kuma mai karatu da bai kalli zanen ba ma ya tafi da wani abu. Gwajin da nake yi shi ne, idan jimlar ta buƙaci "kuma" ko "amma" domin ta ɗauki magana ta biyu, to shafi biyu ne suka cakuɗe, sai in raba su.

Takardar tambayoyi ta iya ƙunsar tambaya 20, amma karosel ba rahoto ba ne. Instagram yana karɓar shafi har 20 a jeri ɗaya, sai dai masu karatu suna raguwa a kowane jan allo, don haka shafi 7 zuwa 9 sun wadatar. Ga yadda namu ya kasance. Shafi na 1 yana ɗauke da sakamakon da ya fi ƙarfi da manyan haruffa, tare da bayanin cewa mutum 240 ne suka amsa. Na 2 shi ne abin da ke hana kammalawa. Na 3 ya ce mutum 85 cikin 100 da waya suke bin darussa. Na 4 ya ce kusan biyu cikin uku sun gamsu. Na 5 ya kwatanta masu karatu cikin rukuni da masu karatu su kaɗai. Na 6 yana ɗauke da kalaman ɗalibi ɗaya daga amsoshin rubutu, ba tare da suna ko wata alamar da za a gane shi ba. Na 7 ya faɗi abin da ƙungiyar za ta sauya, misali rage tsawon darussa. Na 8 shi ne yadda aka yi binciken. Idan ka karanta kanun nan a jere ba tare da zane ba, ya kamata su yi ma'ana kamar gajeren labari. Idan ba su yi ba, ka sake jera su yanzu, tun gyara yana da sauƙi.

Shafi na 5 yana buƙatar kulawa ta musamman. Cikin mutum 60 da ke karatu a rukuni, 45 sun kammala, kashi 75 ke nan. Cikin 180 da ke karatu su kaɗai, 90 sun kammala, kashi 50. Tazarar maki 25 ce, ba "ƙarin kashi 25" ba, domin 75 ta ninka 50 sau ɗaya da rabi ne. Sannan kada kanun ya ce rukuni ne ya sa suka kammala. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne kawai, kuma yana iya yiwuwa waɗanda dama suke da himma su ne suka nemi shiga rukuni. Kanu mai gaskiya shi ne, "Masu karatu a rukuni sun fi kammalawa: kashi 75, su kaɗai kuma kashi 50."

Mataki na 5: Zaɓi zanen da ya dace da saƙon

Zanen sanduna kwance shi ne abokin aikinka a mafi yawan shafuka. Tun 1984 William Cleveland da Robert McGill suka nuna ta gwaji cewa ido ya fi iya kwatanta matsayi da tsawo daidai fiye da kusurwa, shi ya sa sanduna suka fi zanen da'ira da aka yayyanka sauƙin karantawa. Kwance kuwa ya fi tsaye a allon waya saboda sunayen amsoshi suna da tsawo, kuma a kwance suna samun wuri a gefen sandar ba tare da an karkata su ba. Ka jera sandunan daga babba zuwa ƙarami, "sauran dalilai" ya zo a ƙarshe komai girmansa.

Wannan jeri bai shafi tambayar gamsuwa ba, domin amsoshinta suna da tsari na kansu, daga gamsuwa sosai zuwa rashin gamsuwa sosai, kuma tsarin nan za a bi. Sanda ɗaya doguwa da aka kasa kashi biyar ta fi dacewa da ita, ɓangarorin gamsuwa biyu da launi ɗaya mai duhu da mai haske, na tsakiya toka-toka. Idan saƙon lamba ɗaya ce, kamar kashi 85 na masu waya, babbar lamba a tsakiyar shafi da ƙananan sanduna uku a ƙarƙashinta ta isa. Zanen da'ira kuwa kada ka yi amfani da shi ga tambayar zaɓi da yawa, domin da'ira tana nufin cikakken ɗari, kuma 125 ba za ta shiga cikinta ba. Zanen layi na sauyin lokaci ne, ba ya dacewa sai idan an maimaita tambaya iri ɗaya a lokuta daban-daban.

Sanduna dole su fara daga sifili. Wasu manhajoji kan yanke ma'aunin da kansu idan lambobin suna kusa da juna, don haka ka duba. Da a ce ma'aunin shafi na 5 ya fara daga 40, sandar 75 za ta samu tsawon 35, ta 50 kuma tsawon 10, ido ya ga ninki uku da rabi a inda gaskiya ninki ɗaya da rabi ne. Idan da hannu kake zana sandunan a Canva, ka tsayar da ƙa'ida, misali kashi 1 daidai da fiksel 8, sai kashi 40 ya zama fiksel 320, kashi 25 ya zama 200. Ka riƙe wannan ƙa'ida a duk shafukan, domin mai karatu yana kwatanta tsawon sandar shafin da ya wuce da na yanzu ko da bai yi niyya ba.

Mataki na 6: Gina shafi ɗaya, sannan ka kwafa

Ka saita girman shafi zuwa fiksel 1080 a faɗi da 1350 a tsawo, wanda ke cika allon waya fiye da murabba'i mai 1080 a kowane gefe. A PowerPoint za ka shiga Design, sai Slide Size, sai Custom Slide Size, ka sa santimita 20 a faɗi da 25 a tsawo, rabon iri ɗaya ne. Ka bar fili kamar fiksel 80 a kowane gefe. Kanu a sama, kada ya wuce layi uku, zane a tsakiya, sannan ƙaramin layi a ƙasa mai ɗauke da lafazin tambayar da yawan waɗanda suka amsa ta. Wannan layin ƙasa ya kasance a kowane shafi mai zane, saboda mutane kan ɗauki hoton shafi ɗaya su tura wa wasu, kuma shafin zai yi tafiyarsa ba tare da shafi na 8 ba.

Launi ɗaya mai ƙarfi ya isa. A shafi na 2 sandar rashin lokaci ce kaɗai za ta ɗauki launin, sauran huɗun su zama toka-toka, sai ido ya faɗa kan abin da kanun ke magana a kai. Kada ka bambanta abu biyu da ja da kore kawai, domin kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambance launuka, kuma waɗannan biyun ne suka fi rikita su. Ka rubuta lambar kowace sanda a ƙarshenta, sannan ka goge layukan ma'auni na baya da akwatin fassarar launuka, tunda lambobin sun riga sun yi aikinsu. Kafin ka zaɓi salon rubutu, ka gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Salo da yawa masu kyau ba su da su, sai harafin ya fito da wata siffa dabam ko ya zama akwati. Noto Sans yana da su duka.

Idan shafin ya yi maka, ka kwafe shi ka sauya abin da ke ciki kawai, domin kanu da layin ƙasa su tsaya a wuri ɗaya yayin da ake jan allo.

Mataki na 7: Bincika, fitar, wallafa

Ka buɗe teburin lissafi a gefe ɗaya, shafukan a gefe ɗaya, ka bi kowace lamba da yatsa, har da waɗanda ke cikin kanu. Kuskuren da na fi kamawa a wannan mataki shi ne lambar tsohon shafi da ta maƙale bayan kwafi. Bayan haka ka tura shafukan zuwa wayarka ka kalle su a tazarar da ka saba riƙe ta. Duk rubutun da sai ka buɗa da yatsu biyu kafin ka karanta, ya yi ƙanƙanta. Sai ka nuna wa wanda bai san binciken ba, kowane shafi na daƙiƙa biyar, ka ɓoye, ka tambaye shi abin da ya gani. Idan amsarsa ta saɓa wa kanun, shafin ne ke buƙatar gyara, kuma sau da yawa cire wani abu daga cikinsa ne maganin.

Ka fitar da shafukan a tsarin PNG, wanda ya fi JPG kiyaye kaifin rubutu da gefen sanduna, ka sa musu lamba 01, 02, 03 domin jerin kada ya hargitse wajen ɗorawa. LinkedIn kuwa fayil ɗin PDF guda ake ɗora masa, shi ne yake nuna shi shafi-shafi. Ka rubuta wa kowane hoto bayanin da manhajar karanta allo za ta karanta wa makafi, ka sa saƙon da lambobin a ciki, misali, "Zanen sanduna: rashin lokaci kashi 40, matsalar intanet kashi 25, tsawon darussa kashi 20, rashin mai amsa tambaya kashi 10, sauran dalilai kashi 5." Idan bayan wallafawa ka gano lamba ba daidai ba, gyaran rubutun da ke ƙarƙashin hotunan ba zai wadatar ba, domin hoton ne ake turawa, ka sauke jerin, ka gyara shafin, ka sake ɗorawa tare da faɗin abin da aka gyara.